Yadda ake rubuta cinikin murabaha a littafi: uwar kuɗi, riba da bashin da ake bi

A ƙungiyar gama-kai da nake riƙe wa littafi a Birnin Kebbi, akwai shekarar da muka raba wa membobi ribar da ba mu ci ba. Babu wanda ya saci ko sisi. Abin da ya faru shi ne, duk kayan da aka sayar wa memba bashi, ranar da aka ƙulla ciniki ake rubuta ribarsa gaba ɗaya. Da Disamba ta zo littafi ya nuna riba mai kauri, aka raba, kowa ya tafi gida da murna. Janairu na kamawa aka nemi kuɗin sayo kaya aka rasa. Ashe uwar kuɗi muka yanka muka raba, ribar kuwa tana can aljihun waɗanda ba su gama biya ba. Tun daga nan na canza yadda nake rubutu, kuma shi ne zan shimfiɗa a nan da ciniki guda ɗaya, daga ranar da aka nemi kaya har ranar da aka rufe shafinsa.

Murabaha ciniki ne da mai sayarwa zai faɗa wa mai saye nawa kaya ya tsaya masa, ya faɗi ribar da ya ɗora, su amince. Idan aka haɗa da biyan wata-wata, sai a sami lambobi uku da ba a yarda su cakuɗe: abin da aka kashe, ribar da aka yi yarjejeniya a kanta, da bashin da ya rage a wuyan mai saye. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da sauran bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, da irin wannan ciniki suke sayar wa mutane motoci da injuna. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara wa cibiyoyin kuɗi na Musulunci ƙa'idojin lissafi, tana da ƙa'ida a kan rubuta shi, FAS 28, wadda ta fara aiki a farkon 2019. Ruhin ƙa'idar bai fi ƙarfin mai littafi da biro ba.

Ga misalin da za mu bi. Wani memba mai sana'ar niƙa ya nemi ƙungiya ta sayo masa injin niƙa, ya biya cikin wata 12. Farashin da zan kawo na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

Shafukan da za ka buɗe

Ka ware shafi biyar. Na farko Kuɗi, wato abin da ke akwati ko banki. Na biyu Kayan Sayarwa. Na uku Bashin da Muke Bi, kuma kowane mai saye da shafinsa. Na huɗu da na biyar su ne na riba, kuma ni sunan da na raɗa musu shi ne Ɗanyar Riba da Nunanniyar Riba, don ko manomi ya ji ya san wadda ake ci da wadda ake jira. Akwai na shida da za a buƙata idan an karɓi kafin alƙalami, shi ne Ajiyar Mai Saye.

Kowane shafi ka raba shi gida biyu, hagu da dama. Hagu shi akantoci ke kira debit, dama kuma kiredit. Abin da ya shigo hannunmu ko muke bin wani, hagu yake shiga. Abin da ake binmu da ribar da muka samu, dama suke shiga. Idan kana son rage wani shafi, sai ka rubuta a ɓangaren da ba nasa ba. Dokar guda ce: duk abin da ya faru ana rubuta shi wuri biyu, kuma jimillar hagu dole ta yi daidai da ta dama. In ba su yi daidai ba, kada ka rufe littafi ranar.

Mataki na farko: kafin alƙalami ba naku ba ne tukuna

Ranar 10 ga Afrilu mai niƙa ya kawo naira 60,000 don a san da gaske yake. A wannan rana ba a yi ciniki ba, domin ƙungiya ba ta mallaki inji ba, kuma sayar da abin da ba ka mallaka ba cinikin biri a sama ne. Abin da ke tsakaninku alkawari ne cewa in an sayo zai saya. Saboda haka kuɗin amana ne. A rubuta 60,000 a hagun Kuɗi, a rubuta 60,000 a daman Ajiyar Mai Saye.

Na sha ganin an zuba irin wannan kuɗi a shafin ciniki. Illar tana bayyana ranar da mai saye ya fasa. A ce an sayo injin a kan 600,000, ya ce ya janye, ƙungiya ta sayar wa wani a kan 580,000. Asarar da aka yi ta zahiri 20,000 ce, ita kaɗai za a cire daga ajiyarsa, a mayar masa da 40,000. Ribar da kuka sa rai ba ta cikin abin da za a caje shi. In kuma ba a yi asara ba, kuɗinsa cif za a ba shi. Wanda ya riga ya rubuta 60,000 a matsayin ciniki zai ga kamar daga aljihunsa ake zaro su, daga nan rigima ke farawa.

Mataki na biyu: sayo kaya da tantance abin da ya tsaya

A nan ya kamata a zauna a nutsu, don duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan lamba yake tsaye, kuma halaccin cinikin ma a kanta yake. Malamai suna sa murabaha cikin cinikin amana, saboda mai saye bai ga lokacin da ka biya dila ba, maganarka ya yarda da ita.

Ranar 25 ga Afrilu ma'aji ya tafi Jega. Dila ya yi wa injin kuɗi 585,000, aka yi ciniki ya sallama a 570,000. Aka biya masu lodi da saukewa 8,000, kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi 22,000. Jimilla 600,000.

Ka lura 570,000 muka ɗauka, ba 585,000 ba. Ragin da dila ya yi ba rabon ma'aji ba ne, ba kuma ɓoyayyiyar ribar ƙungiya ba ce. Dole ya sauko da farashin da za a faɗa wa mai saye. Ko bayan an gama ciniki dila ya dawo da wani abu, a sanar da mai saye, a gyara lissafi.

Me ke shiga cikin abin da kaya ya tsaya, me ba ya shiga? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Imamu Malik ya yi maganarta a babin murabaha cikin Muwaɗɗa, inda ya kawo misalin mai sayo tufafi daga wani gari ya kai wani. Ya ce la'adar dillali da kuɗin hayar ɗakin ajiya da abin da ɗan kasuwa ya kashe wa kansa ba sa shiga. Kuɗin ɗauko kaya yana shiga cikin uwar kuɗi, amma ba a lissafa riba a kansa sai an bayyana wa mai saye ya yarda. Shi ya sa a takardar yarjejeniyarmu muke rubuta 570,000 daban, 8,000 daban, 22,000 daban, sannan mu ce ribar a kan jimillar 600,000 aka ɗora ta. Abincin da ma'aji ya ci a hanya, katin waya, albashin sakatare, hayar ofis, duk waɗannan ɗawainiyar ƙungiya ce, daga riba ake biyansu.

Rubutun kansa gajere ne: 600,000 a hagun Kayan Sayarwa, 600,000 a daman Kuɗi. Ka manna rasit ɗin dila a bayan takardar, kuma ka tabbata sunan ƙungiya ke kansa. Masu lodi ba su da rasit, to ka rubuta takardar biya su sa hannu ko su dangwala.

Akwai wata gajerar hanya da ke jan hankalin mutane, kuma ita ce ta fi ɓata wannan ciniki. Sai memba ya ce, "Ranka ya daɗe Ma'aji, ai ni na san injin da nake so, ku tura mini kuɗin kawai in je in sayo." In aka tura masa 600,000 aka rubuta ana binsa 720,000, to kuɗi aka ba shi ya dawo da kuɗi da ƙari, ko da me aka kira shi a takarda. Yadda mai bincike ke gane haka a littafi ba wuya: shafin Kayan Sayarwa babu komai a cikinsa, kuɗi sun tashi daga akwati sun dira kan bashi kai tsaye. Idan dole sai memba ne zai zaɓi kaya, ya raka ma'aji ya nuna, amma ƙungiya ta biya dila da hannunta, ta karɓi kaya. Kwanakin da injin ya yi a hannunku, daga 25 ga Afrilu zuwa ranar ciniki, in ya faɗo daga mota ko aka sace shi, asarar ƙungiya ce. Wannan kasadar ita ta halatta muku ribar.

Mataki na uku: ranar ciniki

Ranar 1 ga Mayu aka zauna da mai niƙa da wanda ya tsaya masa da shaidu biyu. An amince da riba kashi 20 cikin 100 na abin da aka kashe. Kashi 20 na 600,000 shi ne 120,000, farashi ya zama 720,000. Ka rubuta ribar da naira a takarda, kada ka tsaya a kashi kawai. Dalili shi ne kashi 20 a kan uwar kuɗi ba ɗaya yake da kashi 20 na farashin sayarwa ba. Naira 120,000 cikin 720,000 kashi 16.7 ne. Na ga an yi musu mai zafi a taron shekara a kan wannan, ɗaya na cewa ashirin, ɗaya na cewa bai kai sha bakwai ba, alhali su duka gaskiya suke faɗa, ma'aunin ne ya bambanta.

Takardar ta ƙunshi farashi, adadin watanni, ranar biya da abin da za a biya kowane wata. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali take, don haka babu wanda zai ce an tsananta masa don an ce ya sa hannu.

Ga rubutun ranar:

| Shafi | Hagu | Dama |
|---|---|---|
| Bashin da Muke Bi | 720,000 | |
| Kayan Sayarwa | | 600,000 |
| Ɗanyar Riba | | 120,000 |

Dubi abin da ya faru. Shafin kaya ya koma sifili, domin inji ya bar hannunku, ya zama mallakin mai niƙa daga wannan rana ko da bai gama biya ba. Bashi ya tsaya a kan cikakken farashi. Ribar kuwa an san da ita, an rubuta ta, amma ba ta shiga cikin abin da za a ce an samu a bana ba tukuna.

Sai a juyar da ajiyarsa ta zama biyan farko: 60,000 a hagun Ajiyar Mai Saye, 60,000 a daman Bashin da Muke Bi. Ajiya ta rufe, bashi ya sauko 660,000. Raba shi gida 12, kowane wata 55,000.

Wanda ake buƙatar ya nuna jimillar cinikinsa na shekara zai iya tsawaita rubutun: ya sa 720,000 a shafin Ciniki, 600,000 a shafin Kuɗin Kayan da Aka Sayar, sannan ya kwashe bambancin ya kai Ɗanyar Riba. Wuri ɗaya ake sauka.

Mai shago kuma da ke da kaya jibge yana sayarwa kuɗi hannu, lissafinsa ya ɗan sha bamban. A ce irin wannan injin yana sayar da shi 650,000 ga mai kuɗi a hannu. To 50,000 ɗin farko ribar fatauci ce, ta nuna tun ranar ciniki. Sauran 70,000 da aka ƙara saboda jinkiri ita za ta zauna a Ɗanyar Riba. Ƙungiyarmu ba ta da wani farashin kuɗi hannu, don mutum ɗaya aka sayo kayan, shi ya sa muka ɗage 120,000 ɗin duka.

Mataki na huɗu: kowane ƙarshen wata

Ranar 31 ga Mayu ya kawo 55,000. Rubutu biyu za ka yi, kuma na biyun ne ake mantawa.

Na farko, 55,000 a hagun Kuɗi, 55,000 a daman Bashin da Muke Bi. Ka ba shi rasit, ka rubuta ragowar a jikin katinsa ya gani da idonsa: 605,000.

Na biyu, ka tsinko ribar watan. Naira 120,000 a raba 12, kowane wata 10,000. Sai 10,000 a hagun Ɗanyar Riba, 10,000 a daman Nunanniyar Riba. Ma'ana cikin 55,000 da ya shigo, 10,000 ne kawai ƙungiya za ta iya kira nata. Sauran 45,000 uwar kuɗi ce ta dawo gida, ita za a sake juyawa a sayo wa wani memba kaya. In ka ninka 45,000 sau 12 za ka sami 540,000, ka haɗa da 60,000 na farko, ga 600,000 ɗinku nan cif.

Tun ranar ciniki nake zana jadawalin watanni 12 ɗin duka a shafin mai saye. Farkonsa kamar haka yake:

| Wata | Biya | Riba | Uwar kuɗi | Ragowar bashi | Ragowar ɗanyar riba |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 ga Mayu | | | | 660,000 | 120,000 |
| Mayu | 55,000 | 10,000 | 45,000 | 605,000 | 110,000 |
| Yuni | 55,000 | 10,000 | 45,000 | 550,000 | 100,000 |
| Yuli | 55,000 | 10,000 | 45,000 | 495,000 | 90,000 |

Mai amfani da Excel, in ya jera ginshiƙan daga A zuwa F kamar yadda suke a nan, kuma layin 1 ga Mayu ya zama layi na biyu, zai sa waɗannan a D3 da E3 da F3, ya ja su ƙasa:

```
=B3-C3
=E2-B3
=F2-C3
```

A layin Afrilu na baɗi, ginshiƙai biyu na ƙarshe dole su koma sifili tare. In ɗaya ya riga ɗaya, akwai watan da aka tsallake.

Raba riba daidai wa daida kamar yadda muka yi ya wadatar ga ƙungiya da cinikinta bai wuce shekara ba. Bankuna, a cinikin da ke ɗaukar shekaru, suna rabawa gwargwadon ragowar uwar kuɗi, sai watannin farko su fi ɗaukar riba, na ƙarshe su ragu. Jimillar ba ta canzawa, kuma abin da mai saye ke biya ba ya canzawa. Wannan rabo na cikin littafi ne kawai. Duk hanyar da kuka zaɓa ku tsaya a kanta, kada a sauya ta a tsakiyar shekara don ana son riba ta yi kyau a idon taro.

Mataki na biyar: 31 ga Disamba

Daga Mayu zuwa Disamba wata takwas ke nan. In ya biya duka, ya kawo 440,000, saura 220,000. Riba ta nuna 80,000, ɗanya ta rage 40,000.

A takardar riba da asara ta shekara, 80,000 kaɗai za ta fito daga wannan ciniki. A takardar dukiyar ƙungiya kuma haka za a nuna:

| | Naira |
|---|---|
| Bashin da muke bi | 220,000 |
| A cire ɗanyar riba | 40,000 |
| Abin da ya rage | 180,000 |

Ɗanyar riba a ƙarƙashin bashi ake cire ta, ba a jera ta cikin abin da ake bin ƙungiya, ba a kuma haɗa ta da jari. Wannan 180,000 ita ce uwar kuɗinku da har yanzu ke waje, wato 45,000 sau huɗu.

Akwai gwajin da nake yi kafin in kai littafi gaban kwamiti, kuma da mun san shi da ba mu yi kuskuren waccan shekara ba. Bi kuɗin da ƙafa. An fitar da 600,000, an karɓi 60,000 da 440,000, wato 500,000. Akwati yana da giɓin 100,000 a kan wannan ciniki. Cire 100,000 daga 180,000 da ke waje, ka sami 80,000, daidai da ribar da littafi ya faɗa. Lissafi ya haɗu. Amma ga abin da gwajin ke tona wa: ko wannan 80,000 ɗin da ta nuna, cinikin bai gama mayar da kuɗinsa ba tukuna. Saboda haka kafin a ce a raba riba, a duba abin da ke banki, a duba kayan da aka yi alkawarin sayowa a Janairu.

Gwaji na biyu shi ne ka tara ragowar da ke kan shafin kowane mai saye, ka gwada da jimillar babban shafin bashi. In sun saɓa, galibi biyan wani ne aka rubuta a shafin mai irin sunansa, ko an turo kuɗi ta waya ba a sanar da mai littafi ba.

Idan ya makara

Bashi hanji ne, kuma mai niƙa yana da watan da man fetur zai yi tsada ko inji ya tsaya. A ce bai biya Nuwamba da Disamba ba. Ya biya wata shida ke nan, 330,000, saura 330,000, kuma cikinsu 110,000 lokacinsu ya wuce.

Abu na farko, farashi ba ya motsi. Naira 720,000 aka yi, ita ce har abada. Ba a cewa tunda ka ƙara wata biyu za mu ƙara dubu ashirin, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne kuɗin ruwan da aka gudo. Za a iya sake tsara masa lokaci, a rage abin da yake biya a wata, amma jimilla tana nan. Wasu cibiyoyi suna sa sharaɗin cewa mai hali da ya ƙi biya da gangan zai fitar da wani abu sadaka. Akwai malaman da ba su yarda da wannan ba, don haka ku tambayi naku kafin ku sa a takarda. In kun sa, kuɗin shafinsa daban, Asusun Sadaka, yana shiga dama a matsayin abin da ake binku har ku fitar da shi. Ko kwabo ba ya taɓa shafin riba.

Abu na biyu, ribar watannin da bai biya ba. Ƙa'idar manyan cibiyoyi tana lissafa riba da wucewar lokaci, sannan a yi tanadi daban saboda bashin da ake shakka. Ni a ƙaramar ƙungiya da ke raba riba hannu da hannu, ba na tsinko ribar wata sai kuɗin watan sun shigo. A wannan hali Nunanniyar Riba za ta tsaya a 60,000, ɗanya ma 60,000. In mai binciken littafinku ya ce a bi lokaci, ku bi, amma ku ware waccan 20,000 kada ta shiga rabo.

Abu na uku, in ya kai wata uku shiru, kwamiti ya zauna ya kimanta. Abin da ke cikin haɗari shi ne 330,000 a cire ɗanyar riba 60,000, wato 270,000. In an yi jinginar injin a yarjejeniya kuma ana ganin in an sayar zai kawo 200,000, wanda ya tsaya masa kuma babu abin da za a samu wurinsa, sai a tanadi 70,000: hagu a shafin Asarar Bashi, dama a shafin Tanadin Bashi Mai Shakka. Wannan ba yafewa ba ce, ana ci gaba da binsa cikakken kuɗi. Kuma a tuna injin nasa ne. In jingina ta kai ga sayarwa, abin da ake binsa kaɗai za a ɗauka, rarar a miƙa masa.

Idan ya biya kafin lokaci

Mu koma inda bai makara ba. Ranar 31 ga Disamba, bayan ya biya na watan, kakar shinkafa ta yi masa kyau, ya ce zai sauke sauran 220,000 gaba ɗaya. Zai tambaya, kuma yana da gaskiyar tambaya: "Malam Sakatare, ba za a rage mini komai ba?" A shari'a cikakken farashi ake binsa. Ƙungiya tana iya yi masa rangwame don raɗin kanta, amma ba a rubuta shi a matsayin sharaɗi a yarjejeniyar farko. Ni dai ina goyon bayan a yi, domin kuɗin sun dawo da wata huɗu a gaba, za a juya su, kuma mutumin da ya cika alkawari haka shi ake so ya sake dawowa.

A ce kwamiti ya yafe masa 30,000, ya biya 190,000. Rangwamen daga ɗanyar riba yake fita, ba daga uwar kuɗi ba:

| Shafi | Hagu | Dama |
|---|---|---|
| Kuɗi | 190,000 | |
| Ɗanyar Riba | 40,000 | |
| Bashin da Muke Bi | | 220,000 |
| Nunanniyar Riba | | 10,000 |

Hagu 230,000, dama 230,000. Ribar cinikin gaba ɗaya ta tashi 90,000 maimakon 120,000. Iyakar abin da za ku iya yafewa ba tare da kun taɓa uwar kuɗin da ke waje ba shi ne abin da ya rage a Ɗanyar Riba a ranar, wato 40,000, don haka wannan lambar ce za ka fara kai wa kwamiti kafin su buɗe baki. Ka manna takardar zaman da aka yanke rangwamen a bayan shafin, da kwanan wata da sa hannun shugaba da ma'aji. Sannan ka ja layi biyu a ƙarƙashin shafin mai niƙa, ka ba shi takardar shaidar ya gama biya, ka mayar masa da rasit ɗin injin in kun riƙe shi jingina, ka kuma aika wa wanda ya tsaya masa cewa an sauke masa nauyi.